Mi ya sa doyar bana ke zama kunu a tukunya?

Tun da sabuwar doya ta shigo kasuwar Katako ta Yamai maganar guda ce a bakin mata, gidan suna, gidan biki, har cikin taksi. Wai doyar bana ba ta da kyau, kina ɗorawa ta narke ta zama kunu, ko kuwa bayanta ya ruguje cikinta yana nan ƙiris kamar ɗanyen rogo. Wata ta ce taki ne ya yi yawa a gonakin Najeriya, wata ta ce magani ake zuba mata kahin a loda ta mota, wata kuma ta rantse tun da hanyar Malanbil ta iyakar Benin ta samu matsala ba a sake kawo doyar kirki Yamai ba. Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Bukoki na ji duka ukun cikin awa guda, ga roba cike da doyar da ta cabe an ture ta gefe ba mai kallonta.

To tambayar ita ce, laifin doyar ne ko na mai dahuwa? Ni dai abin da na gani shekara da shekaru, tun ina gidanmu a Tawa har na dawo nan, doyar ba ta canza ba. Kowace shekara in ta shigo sabuwa haka take yi, mu ne muke mantawa mu dafa ta da hannun da munka saba dafa tsohuwa wata shida baya.

Sabuwa da tsohuwa ba abu guda ba ne

Mu nan Nijar ba mu noman doya, kowa ya sani. Tana zo muna daga kudu, Najeriya da Benin da Gana, kuma Najeriya kaɗai ke noma wajen kashi biyu cikin uku na doyar duniya, jihohi irin su Binuwai da Nasarawa da Neja. 'Yan Tawa tasu ta Illela da Ƙwanni take shigowa. Don ba mu ganin ta a gona, sai muke ɗauka doya doya ce, kamar shinkafar buhu da ba ruwanta da wata. Ba haka ba ne.

Ana fara haƙo sabuwa tun wajen Yuli zuwa Agusta, tsakiyar damana ke nan, ƙasa jiƙe, ita kuma ba ta gama ƙosawa ba. Ana sake haƙo babban girbi daga Nuwamba zuwa Janairu, wannan ita ce ake ajiyewa a rumbu ana sayarwa a hankali har bazara. Wadda kike saye a Maris ko Afrilu ta yi wata uku huɗu tana shan iska, ruwan jikinta ya ragu, ta yi gari, ta yi ɗan zaƙi saboda wani ɓangare na sitacin jikinta ya juya sukari. Wadda kike saye a Satumba kuwa fiye da kashi biyu cikin uku na nauyinta ruwa ne. Kin zuba mata ruwa har ya sha kanta, kin ba ta minti 25 irin na tsohuwa, mi kike jira in ba kunu ba?

Gane su ba wuya in kin kula. Ki karce bawon da farce. Sabuwa bawonta siriri ne, yana tashi da sauƙi, ƙasan yana da danshi, sau da yawa da sauran laka a jikinta da 'yan jijiyoyi kamar gashi. In kin yanka, wuƙa na wucewa sumul, yauƙi na bin hannu, kuma ta fi ƙaiƙayi. Tsohuwa bawonta ya bushe ya yi kauri, ba ta kai nauyin da girmanta ya nuna ba, kanta ya fara tsiro, in kin yanka wuƙar na fitowa da farin gari-gari a jiki.

Akwai kuma wata daban da ake cakuɗawa cikin kashi, wadda Yarbawa ke ce ma ewura. Ita asalinta ma ba irin farar doya ba ce, ruwa ne da ita ko ta tsufa, namanta na da santsi sosai in an goga, wani lokaci da ɗan shunayya ƙarƙashin bawo. Ta fi araha shi ya sa ake ruɗuwa. Ba ta da laifi, tana kyau a ƙosan doya, amma kar ki sa rai za ta ba ki gari irin na puna ta Gana ko laboko da mutanen Benin ke ji da ita wajen sakwara. Akwai wani dattijo da nake saye wurinshi a Katako, in na ɗauki irin wannan sai ya ce "Hajiya aje wagga, ba ta dahuwa ba ce, ta suya ce", kuma bai taɓa yi min ƙarya ba. In mai doyarki bai gaya miki ba ki tambaye shi kai tsaye.

Mi ke faruwa cikin tukunya

Wannan shi ne gindin maganar, in an gane shi sauran duk sauƙi ne.

Naman doya kamar gini ne na ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowane ɗaki cike da sitaci, kuma akwai wani danƙo da ya manne ɗakunan da juna, masana na ce mishi fektin. In zahi ya shiga, abu biyu ke faruwa. Sitacin yana shan ruwan da ke cikin doyar ya kumbura, wannan shi ne nuna, yana farawa ne in zahin wurin ya kai wajen digiri 70 zuwa 80. Na biyu danƙon nan yana narkewa a hankali, shi ne laushi. In ya narke daidai kin samu doya mai taushi da ke buɗewa da cokali. In ya wuce ƙima ɗakunan sun rabu da juna, ruwan tukunya ya kutsa tsakaninsu, shi ne doyar ke sha ruwa ta ruguje.

Matsalar ita ce zahi ba ya shiga ko'ina lokaci guda. Daga waje yake tahiya zuwa ciki, kuma a hankali yake tahiyar. Bayan yankan yana cikin tafasasshen ruwa tun mintin farko, tsakiyar kuwa sai ta jira. Duk lokacin da tsakiya take jira, bayan yana ci gaba da narkewa. Shi ya sa kauri ya fi komi muhimmanci, kuma lissafin nashi ba na kai tsaye ba ne: in kin ninka kaurin yanka sau biyu, lokacin da zahi zai ɗauka ya kai tsakiya ba sau biyu zai ƙaru ba, wajen sau huɗu ne. Wato ƙaton yankan nan da ake yi don kar ta farfashe, shi ne ma ke sa ta farfashe, don kahin cikinta ya nuna bayanta ya gama mutuwa.

Abu na biyu da mutane ba su yarda da shi sai sun gwada, ruwa in ya tafasa ya tafasa. Ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya ko kin ƙure gaz ko kin cika furno da gawayi har yana ja. Ƙarin wuta bayan tafasa ba ya ƙara saurin nuna ko da minti guda, abin da yake ƙarawa tsalle ne, yankakken doya na bugun juna na bugun tukunya, gefen da ya riga ya yi laushi yana gogewa yana zuba cikin ruwa. Kin ga ruwan ya yi fari ya yi kauri kamar koko? Doyarki ce ke ciki. Ga butel ɗin gaz da kinka ƙona a banza, a wannan zamani da in ya ƙare sai an yi yawon nema.

Kai da gindi

Doya guda ma ba ɗaya take ba daga sama har ƙasa. Kan, wurin da tsiro ke fitowa, shi ne ya fi tsufa, ya fi tauri, ya fi jijiya, kuma nan ɗaci ke taruwa. Gindin, wato ƙarshen da ke nutsewa cikin ƙasa, shi ne ɗanye, ya fi ruwa, ya fi saurin nuna. Tsakiya ita ce doyar gaske.

In kin yanka duka kauri guda kin zuba lokaci guda, gindi zai riga, kai zai makara. Innarmu a Tawa, Allah ya jiƙanta, ba ta san wani fektin ba amma jeri take yi: yankan kai a ƙasan tukunya inda ruwa da wuta suke, tsakiya a bisa, na gindi can sama inda tururi kaɗai ke taɓa su. Kuma takan sare kamar yatsa biyu na kan ta yar, in sabuwar doya ce ma har uku, ta ce wannan na awaki ne. Da ina ganin ɓarna ce. Sai da na dafa wata da kanta duka, ɗacin ya bi ruwa ya kama tukunya gaba ɗaya, sannan na daina gardama.

Gardamar ruwan sanyi da ruwan zahi

Nan ne mata ke rabuwa gida biyu kuma kowa da gaskiyarta, sai dai kowa doyar da ta saba da ita take karewa.

Masu ruwan sanyi na cewa a zuba doya a ruwan sanyi a ɗora su yi zahi tare. Hujjarsu mai ƙarhi ce, don lokacin da ruwan ke ɗumama a hankali zahi na samun damar ratsawa ciki, kahin a kai tafasa tsakiya ta riga ta ɗau ɗumi, tazarar da ke tsakanin baya da ciki ta ragu. Ga tsohuwar doya mai tauri, ko in dole sai an yi manyan yanka, wannan ita ce hanya, ba ni da ja.

Masu ruwan zahi na cewa a bari ya tafasa sannan a zuba. Su kuma abin da suke gudu zaman doya cikin ruwa ne, don kowane minti da ta yi a ciki tana sha. Ga sabuwa, wadda da ma ruwa ya yi mata yawa, kuma yankan bai wuce yatsa biyu ba, su ke da gaskiya. Akwai wata riba ma, kin san daidai lokacin da dahuwa ta fara, kina iya duba agogon waya. Da ruwan sanyi kuwa lissafi na ɓacewa, musamman a gawayi, yau ya tafasa cikin minti 8 gobe sai 20.

Ni abin da na tsaya a kai, tsohuwa ruwan sanyi, sabuwa ruwan zahi, in kuma sabuwar ta cika ruwa ƙwarai kar ma ta taɓa ruwan. Gidaje da yawa a Nijar akwai madambaci, amma ban san dalili ba dambu da kuskus kaɗai muke tunawa da shi. Jera doya a ciki, yayyafa gishiri, rufe, minti 20 zuwa 25. Ta fi daɗewa kaɗan amma ba yadda za a yi ta sha ruwa tun da ba ta cikinshi, kuma ko kin manta ta ƙara minti biyar ba ta rugujewa, tana zaune wuri guda ba mai bugunta.

Gishiri, sukari, kanwa da tumatir

Gishiri tun farko ake sa shi cikin ruwan. Wadda anka barbaɗa ma gishiri bayan an sauke, baya gishiri ciki lami. Maganar wai gishiri na hana doya nuna ban taɓa ganin haka ba a tukunyata.

Sukari kuwa, masu sa kwaya ɗaya ko biyu cikin sabuwar doya ba laifi sunka yi ba, yana rufe ɗan ɗacin nan kuma yana kwaikwayon zaƙin tsohuwa. Amma ɗanɗano kawai yake gyarawa, ba ruwanshi da laushi ko ruwa-ruwa. Haka man da wasu ke ɗigawa.

Kanwa ce ba na son ji. Mun saba da ita a wake, sai hannu ya kai can in an ga doya ta ƙi nuna. Kanwa na saurin narkar da danƙon nan da ke riƙe naman, amma daga waje take aiki ita ma, ba ta kai zahi tsakiya. Sai ki samu baya ya yi laɓo-laɓo, launi ya juya ya yi duhu, ga warin sabulu-sabulu, ciki kuwa yana nan yadda yake.

Tsami akasin kanwa ne, yana riƙe danƙon ya hana shi narkewa da wuri. Wannan shi ya sa doya cikin miyar tumatir, ragu ko fate, take daɗewa fiye da ta ruwan gishiri, har ki yi ta mamaki minti 30 sun wuce tana da sauran ƙarhi. Kuma ana iya cin moriyar abin, in sabuwar doya ce mai saurin rugujewa ragu ya fi karɓarta, tumatirin zai riƙe ta. In tsohuwa ce mai taurin kai, ki fara ba ta rabin dahuwa a ruwan gishiri sannan ki juye cikin miya.

Yadda na dafa ta ranar Lahadi

Bari in kawo guda ɗaya daki-daki, don magana a iska ba ta cika ciki.

Doya ce sabuwa, fara, wajen kilo 2, na karce bawo ya tashi da farce. Na sare kai kamar yatsa uku, na sare ɗan ƙarshen gindi inda ya ƙuje a mota. Ban fere ta tana doguwa ba, na fara yanka ta faifai-faifai da bawonta, kaurin yatsa biyu, wato wajen santimita 3, sannan na bi kowane faifai na zare bawon, ya fi sauƙi kuma nama bai tahiya da yawa. Faifan tsakiya masu faɗi na raba su biyu, na gindi ƙanana na bar su yadda suke har na ɗan ƙara musu kauri. Abin lura shi ne wurin da ya fi siriri a yanka shi ke yanke lokacin nuna, faɗi ba ya damuwa, don haka raba faifai biyu don jeri ne da ci, ba don sauri ba.

Ina ferewa ina jefawa cikin roba mai ruwa don kar iska ta sa ta ja. Amma ba jiƙo ba ne, ina gamawa na ɗauraye sau biyu har yauƙin ya ragu na tsame a kwando. Masu fere doya tun safe su bar ta cikin ruwa har azahar sun riga sun fara shayar da ita tun ba ta ga wuta ba.

Tukunya na ɗauki mai faɗi, ba mai zurhi ba, yadda jerin ba zai wuce hawa biyu zuwa uku ba. Ruwa wajen lita 1, gishiri ƙaramin cokali biyu. Da ya tafasa na jera kai a ƙasa, tsakiya, gindi a sama. Ruwan ya tsaya wajen kashi biyu cikin uku na tsawon jerin, na saman nan a waje suke, kuma haka nake so. Na rufe. Zuba doya na kwantar da tafasa, sai da ya ɗau kamar minti 3 ya dawo, daga nan na rage gaz har tafasar ta koma ɗan ɓul-ɓul a hankali, murhin tukunya ba ya rawa. A furno sai ki janye gawayi gefe ko ki yayyafa mishi toka.

Daga dawowar tafasa na fara ƙirga. Ban juya ba, ban sa ludayi ba, doya ba ta son motsi. Minti 10 na buɗe na soka siririyar wuƙa cikin yankan tsakiya mai kauri, ta shiga amma na ji ta tsaya can ciki. Minti 13 na sake, ta wuce, da ɗan ƙaramin riƙo a tsakiya kamar kin soka ayaba da ba ta gama nuna ba. Nan na kashe.

Eh, nan, tun da sauran ɗan riƙon. Wannan shi ne wurin da akasarinmu muke faɗuwa, muna jira sai wuƙa ta wuce sululu sannan mu sauke, mu je neman tsumma, mu amsa sallama, doya na zaune cikin ruwan zahi tana ci gaba da dahuwa tana sha. Ni ina kashewa na karkata tukunya da murhinta na tsiyaye ruwan tas, na mai da ta bisa wuta ƙarama sosai kamar rabin minti don ɗan ruwan gindi ya ƙone, na kashe, na rufe na bar ta minti 5. Zahin da ke bayan yankan shi ke ƙarasa tahiya ciki ya nunar da tsakiya, ba tare da wani ruwa ya ƙaru ba. Bayan minti biyar ɗin na buɗe murhi na bar tururi ya hita minti biyu uku. Kina gani fuskar doyar na bushewa tana yin fari-fari kamar an barbaɗa gari. Na tsaga guda, launi ɗaya daga baki har tsakiya, ba farin ido a ciki.

Da tsohuwa ce abin da zan canza kaɗan ne: ruwan sanyi, ruwan ya kai daidai kan jerin don ita tana bukatar sha, lokaci kuma minti 18 zuwa 25 daga tafasa. Tsiyayewa da rufewa duk ɗaya. Kuma waɗannan mintoci jagora ne kawai, wuƙa ce alƙali, don doya biyu daga kashi guda ma sai su bambanta.

Cokali mai yatsu ba na gwaji da shi, yatsu huɗu na tsaga yankan ya buɗe ma ruwa ƙofa. Wuƙa siririya ko tsinken tsire sun fi.

In an bi duka kuma ta ƙi

Akwai lokacin da laifin na doyar ne da gaske, ko na ajiya. Wadda aka fi yi a Yamai ita ce firigo. Zahi ya yi yawa, an yanki rabi, sai a tura sauran firigo. Ɗanyar doya 'yar ƙasar zahi ce, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 ko makamancin haka yana lalata namanta, firigo kuwa wajen 4 yake. Bayan kwana biyu uku sai ki ga ta yi toka-toka ko ruwan ƙasa a ciki, ta yi taushi mai ruwa, in an dafa wani wuri ya cabe wani ya ƙi nuna, ɗanɗanon ma ya canza. Ragowar doya a bar ta a inuwa inda iska ke wucewa, fuskar yankan ta bushe da kanta, gobe a sare wurin a ci gaba. Kar a ɗaure ta a leda, gumi take yi ta ruɓe. In dole sai an adana da sanyi, gara a fere a yanka a sa a kwanjilato ta daskare sarai, ranar dahuwa a zuba ta a tafasasshen ruwa tana ƙanƙararta ba sai ta saki ba. Sai dai da yadda kuran ke zuwa yana tahiya lokacin zahi, in ta saki ta sake daskarewa ta sake saki, to wannan sunanta fate.

Sai wadda ta bugu a hanya. Doyar da ta kwana uku huɗu cikin babbar mota ana jifa da ita wajen lodi da saukewa, wurin da ya bugu yakan yi duhu a ciki ko da bawo lahiya lau. Danna da babban yatsa kahin ki biya, in wuri ya lotsa ko kin ji wari-wari a bar ta. In a gida kinka gani, a yanke wurin da faɗi har sai an kai fari tas.

Sai tsohuwa tukuf, ta ƙarshen bazara, mai dogon tsiro kamar igiya. Tsiron ya tsotse ta, kan ya zama soso da jijiya, ko awa za ki ba shi ba zai yi gari ba. Shi ya sa in kin sayi da yawa kina ajiya, ki riƙa karye tsiron da zarar ya leƙo.

Taki kuma da ake ta zargi, manoman doya da kansu wasu na cewa wadda ta sha takin zamani da yawa ba ta kai ta sabuwar gona daɗin sakwara ba, ba zan ce ƙarya suke ba. Amma ba taki ne ya sa tukunyar Satumba ta bambanta da ta Afrilu ba, don gona guda ce ke ba da duka biyun.

Tukunyar biki

Na dawo kan robar nan ta gidan suna, don na ga yadda anka yi ta. Ƙatuwar tukunya bisa murhun itace, doya wajen goma an zuba ta har wuya, an cika ruwa, an hura wuta kamar za a dafa kan sa. Kahin wannan ruwa ya tafasa an fi rabin awa, na ƙasa sun nuna tun na sama ba su ji ɗumi ba, ga nauyin na sama ya danne su, da aka zo tsiyayewa mutum biyu sun kasa ɗaga tukunyar sai anka koma kwasa da matsami ɗaya-ɗaya, na ƙarshe sun ƙara minti goma sha a ruwa. Gwaggon mijin ƙanwata na tsaye tana ta faɗin "ai na gaya muku doyar bana ce". Na yi shiru, gidan surukai ne.

Dahuwar taro a raba ta tukunya biyu ko uku, ko a yi zubi-zubi cikin ruwa guda da ke tafasa, ana kwashe wannan a zuba wancan. Wadda anka kwashe a baza ta a faranti mai faɗi ta sha iska kaɗan kahin a sa a kula, don in an rufe ta da zahinta tururin na komawa ruwa ya kwanta a gindi, ki buɗe bayan awa biyu ki tarar na ƙasa sun jiƙe sharkaf alhali lahiya lau kinka sauke su. Tsabtataccen tsumma ƙarƙashin murhin kula yana tsotse wannan gumin.

Ita wadda ta riga ta cabe kuwa ba a zubarwa da tsadar nan. In baya ne kawai ya ɗan saki, a tsiyaye a baza a tire ta huce, takan ɗan haɗe jikinta in ta sha iska. In ta wuce nan a soya albasa da tattasai da ɗan manja ko man gyaɗa a juye ta ciki da busasshen kihi ta zama fate, ko a murƙushe ta a bari ta huce a sa ƙwai da albasa da yaji a mulmula a soya. Ta gidan sunan haka munka yi da ita da la'asar, ni da ƙanwata a bayan ɗaki, yara sunka cinye tas kahin magariba, gwaggo ma ta aiko a ƙara mata.